Sallama ga abokan aiki

Assalamu alaikum ƴan uwa ma'aikatan ofishinmu na Tawa.

Ranar Juma'a mai zuwa zan ajiye aiki, bayan shekara 34 ina kula da takardun ma'aikata. Na miƙa mabuɗai da rajista ga ƙanwata Hajiya, wadda za ta gaje ni.

Roƙona ɗaya ne: kada takardar kowa ta tafi Yamai ba a rubuta lambarta da kwanan wata a rajista ba, domin na taɓa sakaci da wannan, wani malamin makaranta ya yi wata 7 yana jiran kuɗin fanshonsa, kuma abin yana damuna har yau.

Wanda na saɓa wa ya yafe mini don Allah. Magabata sun ce, kowa ya yi nagari don kansa.