Na san abin da nake samu a shekara, amma ban san nawa zan ci a wata ba

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na wannan shiri. Allah Ya saka da alheri.

Ni mai ɗaukar hoto ne da bidiyo a wuraren biki da suna, a nan Kano. Shekarata shida ina wannan sana'a, ba ni da uban gida, ba ni da albashi, duk wanda ya kira ni shi ne mai gidana a ranar. Ina da mata da yara biyu, ga mahaifiyata da nake aika wa wani abu duk wata. Alhamdu lillahi ba samu ne babu ba. Damuwata ita ce kuɗin ba sa zuwa a kan tsari, wata guda in ji kamar ni ne mai garin, wata mai bi masa kuma sai na karɓi bashin shinkafa.

A watan Agustan bara na tsaya a gaban shagon mai awon unguwarmu, mutumin da a Afrilu na ba shi kuɗin buhu guda lakadan, ina jiran mutane su ragu don in ce ya ba ni kwano biyu ya rubuta. Da ya buɗe littafin bashinsa ya sa sunana, sai da na sunkuyar da kai. Tun daga ranar na ƙudura cewa sai na gane inda matsalar take.

Da shekara ta ƙare na zauna da littafina da alat ɗin banki, na fitar da abin da ya rage mini a kowane wata na 2025, bayan na cire kuɗin mai, da wankin hoto, da albam, da sallamar yaran da ke riƙe mini fitila. Da farko ma kuɗin da aka ba ni gaba ɗaya nake ɗauka a matsayin nawa, sai na lura aikin dubu 150 wani lokaci dubu 90 kawai ke shiga aljihuna. Ga yadda ya kasance, duka a dubbai: Janairu 310, Fabrairu 420, Maris 60, Afrilu 380, Mayu 190, Yuni 260, Yuli 110, Agusta 85, Satumba 120, Oktoba 175, Nuwamba 240, Disamba 530. Fabrairu ya yi kyau saboda kowa na son ya ɗaura aure kafin azumi, Maris kuwa azumi ne gaba ɗayansa, babu biki. Bayan ƙaramar Sallah aiki ya dawo. Da damina ta kankama sai ya ja baya har zuwa kaka.

Na haɗa su suka ba ni miliyan biyu da dubu 880. Na raba gida goma sha biyu, kowane wata ya tashi dubu 240. Wallahi Malam da na ga wannan lamba sai na ji daɗi, na ce ashe na fi ma'aikata da yawa albashi. Na faɗa wa mai ɗakina cewa daga yanzu a kan dubu 240 za mu tsara gida.

Ita malamar makaranta ce, ta fi ni haƙuri da lissafi. Ta karɓi littafin ta ce, "Baban Khalifa, ƙirga mini watannin da ka samu wannan kuɗin." Na ƙirga, sai ga wata shida cur ban kai dubu 240 ba, huɗu daga cikinsu kuma a jere suke, daga Yuli zuwa Oktoba. Da a ce mun kashe dubu 240 a kowanne daga cikin waɗannan huɗun, da sai na ciko dubu 470 daga wani wuri. Ta ce Disamba da Fabrairu ne suka ja lissafin sama, kuma ba za mu ci tuwon Agusta da kuɗin Disambar da bai zo ba tukuna. Sai ta jera watannin daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, ta ɗauki biyun da ke tsakiya, wato 190 da 240, ta raba tsakaninsu, ya ba da 215. Ta ce wannan ya fi kusa da gaskiyar watan da aka saba gani. Amma ko shi ɗin hankalinta bai kwanta da shi ba, domin ba mu sa kuɗin haya a ciki ba.

Nan ne na ga babban kuskurena. Hayar gidanmu dubu 360 ce a shekara, a dunƙule ake biya. Kuɗin makarantar babban yaron dubu 45 kowane zango, sau uku. Waɗannan kaɗai sun kai dubu 495, wato sama da dubu 40 a kowane wata, amma da yake ba kullum ake neman su ba sai in manta da su har ranar da mai gida zai turo. Abin da dole ne ya fita kowane wata kuma, cefane da gas da wuta da kuɗin mota da magani da na mahaifiyata, mun lissafa shi a dubu 165.

Shawarar da ta kawo ita ce in buɗe asusu biyu. Duk kuɗin aiki su shiga na farko, ni kuma in riƙa biyan kaina albashin dubu 180 ranar ɗaya ga wata zuwa na biyu, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. A shekara zai kama miliyan biyu da dubu 160, sai a samu rarar dubu 720. A cire haya da makaranta, saura dubu 225 don gyaran kyamara da batir da hidimar Sallah. Da wannan albashin, gibin Yuli zuwa Oktoba zai sauko zuwa dubu 230, na watan azumi kuma dubu 120.

A takarda abin ya yi kyau, amma akwai inda na kasa yanke hukunci, shi ya sa na rubuto. Dubu 180 ɗin ba ta bar mana komai ba sai dubu 15 a kan abin da ya zama dole, ga shi farashin kayan abinci ba ya zama wuri ɗaya. Shin daidai ne in gina tsarin bana a kan lissafin shekara ɗaya tak, ko sai na tono na shekara biyu ko uku? Littafin 2024 yana nan, sai dai ba kowane aiki na rubuta ba. Kuma azumi yana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka watan da ya ba ni 420 bara ba lallai ya maimaita ba. Na fara tunanin ko da watannin Musulunci ya kamata in riƙa jera lissafin, tunda su ne ke juya kasuwata, amma damina da hutun Disamba ba sa bin su.

Sai maganar kafin alƙalami. Cikin 530 ɗin Disamba akwai dubu 80 da wani ango ya ba ni na bikin da za a yi a Janairu, na kashe su kafin ranar, da lokacin aikin ya zo sai da na ranci kuɗin albam. A wane wata ya kamata in rubuta irin wannan kuɗi, ranar da na karɓa ko ranar da na gama aikin? Haka kuma ina bin mutane cikon dubu 140 tun bara, ban sa su a lissafi ba don ban san ranar da za su zo ba, wani ma ya daina ɗaga wayata.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne yadda zan fara. Tsarin yana bukatar in sami aƙalla dubu 350 a ajiye don cike gibin watannin nan biyar, yanzu kuwa dubu 95 ne a asusuna. In rage albashin zuwa dubu 165 har sai ajiyar ta cika, ko in bar shi a 180 in jingine sayen sabon idon kyamarar da aikina ke bukata? Kuma Malam, idan ɗan'uwa ya zo da larura ta gaskiya alhali ya san na yi aiki a makon, kuɗin kuma suna asusu amma na damina ne, wace amsa zan ba shi da ba za ta ɓata zumunci ba?

Ina sauraron amsarka a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Na gode.

Naka mai sauraro,
Mai ɗaukar hoto, daga Kano