Ga ɗan'uwanmu da bai ci jarrabawar kod ba

Salamu alaikum jama'a. Sakamakon jarrabawar tuƙi ya fito a Garwa ta Kamaru, ɗan'uwanmu bai haye ba a zaman farko. Ɗan'uwa, kada ka karaya, abin da ya kayar da kai mai gyaruwa ne: tambayoyin mahaɗa.

A mahaɗar da ba allo ba danja, na damanka ke fara wucewa. Misali, babur a damanka, tirela a hagunka: babur ya wuce tunda damansa ba kowa, sai kai, tirela ƙarshe. Girman mota ba ya ba da hanya, nan ake yawan ruɗewa. Amma fara duba hoton da ke tare da tambayar, in akwai allon STOP gabanka, kai za ka tsaya.

Masu farmi, wato lasin tuƙi, a turo masa hotunan mahaɗa ya riƙa gwadawa. Allah ya ba da sa'a.