Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Tsara Birni Kan Tazarar Gini Daga Bakin Titi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan ƙa'ida guda daga cikin ƙa'idodin da hukumarku take dubawa kafin ta ba da izinin gini, wato wadda ta wajabta wa mai fili ya ja gininsa baya da wasu mitoci daga bakin titi. Roƙona shi ne a daina aiwatar da ita iri ɗaya a kowane titi. A titunan kasuwanci na cikin gari, inda jama'a suke tafiya a ƙasa suna saye da sayarwa, ya kamata a maye gurbinta da layin gini, wanda zai sa gaban kowane gini ya tsaya a kan layi ɗaya da na maƙwabcinsa, tare da baranda mai rufi da kowa zai iya bi ta ciki.

Waɗanda suka kafa ƙa'idar suna da hujja. Sun so a bar wurin faɗaɗa titi nan gaba, da wurin magudanar ruwa da bututu da wayoyin lantarki, sannan a nisanta mazauna gida daga ƙura da ƙarar motoci. A bakin babbar hanyar da motoci suke gudu sosai, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko gefen rafin da yake ambaliya, ba ni da ja a kan tazarar. Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗauki ma'aunin da ya dace da babbar hanya aka ɗora shi a kan titin shaguna. Dokar tana faɗin iyakar kusancin da gini zai yi da titi, amma ba ta faɗin iyakar nisansa. Saboda haka wani ya ja baya mita 6, na kusa da shi ya ja mita 10 don ajiye motoci, na uku ya kewaye nasa da katanga, har bakin titin ya rasa layin da ido zai bi.

Zan fi daɗewa a kan inuwa, domin ita ce ake iya lissafawa da alƙalami kafin a aza tubali ko ɗaya. Mu ɗauki titin da ya miƙe daga arewa zuwa kudu, a gari mai zafi da ke kusa da ikwaita, a watan Maris ko Satumba lokacin da rana take bi ta tsakar ka. Faɗin kwaltar mita 10 ne, kuma akwai hanyar masu tafiya a ƙasa mai faɗin mita 3 a kowane gefe. A gefen yamma akwai bene mai hawa uku, tsayinsa mita 10. Daga lokacin da rana ta kai tsaka, tana sunkuyawa da kimanin digiri 15 a kowace awa. Bayan awa ɗaya inuwar benen ta kai kusan mita 2.7, bayan awa biyu ta kai mita 5.8, bayan awa uku kuma ta yi daidai da tsayin benen, wato mita 10.

Idan benen yana tsaye a bakin filinsa, awa ɗaya da 'yan mintoci bayan zawali inuwarsa ta lulluɓe hanyar masu tafiya gaba ɗaya. Idan kuwa an ja shi baya mita 6, awa biyun farko inuwar tana faɗawa ne a kan filin da aka bari, kuma ba za ta rufe hanyar ba sai ta kai mita 9, wato kusan awa uku bayan zawali. Bambancin ya kai kimanin awa ɗaya da minti 40, kuma ya faɗo daidai lokacin da zafin rana ya fi tsanani. Gefen gabas ma haka yake yin asara da hantsi. Idan ginin mai hawa ɗaya ne, tsayinsa mita 4, to da wannan tazarar inuwarsa ba za ta ko taɓa hanyar ba sai kusan awa huɗu bayan zawali, lokacin da buƙatarta ta ragu. Inuwar tana nan, ba ta ragu da taku ɗaya ba, sai dai doka ta ɗauke ta daga kan mutane ta ba wa motocin da aka ajiye.

Wannan lissafi yana da iyaka. Da tsakar rana sosai, babu bangon da zai ba da inuwa komai tsayinsa, kuma titin da ya miƙe daga gabas zuwa yamma a irin wannan yanki yana shan rana kusan yini guda, domin rana tana bin tsawonsa ne. A nan abin da yake aiki shi ne rufi a kan mai tafiya, ko dai baranda ko bishiya. Shi ya sa na haɗa layin gini da baranda a roƙona. Birnin Bologna na Italiya ya wajabta irin wannan baranda a doka tun 1288, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sanya barandun birnin cikin kayan tarihin duniya. A Singapore, tsarin gari na 1822 ya umarci masu gini su bar hanya mai rufi a gaban shaguna, wadda aka san ta da faɗin ƙafa biyar, wato kimanin mita ɗaya da rabi. Haka kuma titin da ya matse ƙwarai tsakanin dogayen gine-gine yana riƙe zafi da dare kuma yana tare iska. Maganinsa shi ne a bar hawa ukun farko ko huɗu a kan layi, a ja na sama baya. Wannan ne irin ja da bayan da New York ta kafa a dokarta ta 1916, bayan da wani katafaren gini mai suna Equitable, da aka kammala a 1915, ya tare wa maƙwabtansa haske.

Batun tsaro kashi biyu ne. Na farko shi ne tsaron mai tafiya daga ɓata-gari. Jane Jacobs, marubuciya kan rayuwar birane, ta yi bayani tun 1961 cewa abin da yake tsare titi shi ne idanun mutanen da suke kallonsa daga ƙofofi da tagogi yayin da suke harkokinsu. Mai shagon da ƙofarsa take buɗe a kan hanya yana ganin wanda ya faɗi, yana jin wanda ya yi ihu, kuma fitilarsa tana haska hanyar da dare. Fili mai zurfin mita 6 a gaban gini kuwa yakan ƙare da katanga, domin mai shi yana so ya kare abin da ya ajiye a ciki. Da zarar katangu sun jeru, mai tafiya yana tsakanin bango da kwalta, babu mai ganinsa, babu ƙofar da zai faɗa idan an biyo shi. Na biyu shi ne haɗarin mota, wanda ba a cika lura da shi ba. Idan kowane fili mai faɗin mita 15 ya mayar da gabansa wurin ajiye motoci, to a cikin tafiyar mita 100 motoci za su riƙa tsallaka hanyar masu tafiya a wuri shida ko bakwai, da yawansu da baya-baya, inda direba ba ya ganin ƙaramin yaro. Ga shi kuma titin da gine-ginensa suka yi nisa yana bayyana ga direba da faɗi, sai ya ƙara gudu.

A mahaɗar tituna kam dole ne direba ya hango abin da ke zuwa. Wannan ba ya buƙatar a ja dukan layin baya. Ya isa a yanke kusurwar ginin da ke kwana, kamar yadda injiniya Ildefons Cerdà ya yi a 1859 a tsarin birnin Barcelona da ke Spain. Tazarar kariya daga gobara kuma ta shafi gefe da bayan gini ne, ba ta cikin abin da nake magana a kai.

Ta fuskar kasuwanci, fili mai faɗin mita 15 da zurfin mita 30 yana da murabba'in mita 450. Tazarar mita 6 tana cin murabba'in mita 90, wato kashi ɗaya cikin biyar, kuma shi ne yankin da ya fi kowane daraja. Mai wucewa yana tsayawa ne a shagon da ya ga kayansa kusa da shi, kuma da wuya ya ratsa ta tsakanin motoci cikin rana don ya leƙa abin da bai yi niyyar saye ba. To amma ciniki ba ya barin bakin hanya. Idan doka ta tura shago baya, sai tebura da rumfuna da kwantena su cike gurbin, su rufe lambatu, su tura jama'a kan kwalta, daga baya hukuma ta zo rusau. Duk titin da ake yawan rusau a gabansa yana gaya muku cewa akwai buƙatar shago a wurin da doka ta hana gina shi.

Baranda ma tana iya gamuwa da wannan matsala. A Singapore 'yan kasuwa sun cike hanyoyin da kaya, kuma yunƙurin kwashe su ya jawo tarzoma a 1888. Don haka dole a rubuta a cikin takardar izinin gini cewa barandar hanya ce ta jama'a ko da filin na mai gini ne, a shata faɗin da ba za a ɗora kaya a kai ba, a kuma ba da ɗan abin da ya rage don baje koli. Dole kuma daɓen barandun maƙwabta ya zama tsayi ɗaya, domin idan kowa ya ɗaga nasa yadda ya ga dama, hanyar za ta koma matakala, tsofaffi da masu keken guragu da makafi su koma kan kwalta.

Abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, shi ne hukumarku ta rarraba tituna gwargwadon aikinsu. Manyan hanyoyi su riƙe tazararsu. Unguwannin zama su samu ƙaramar tazara ta mita 2 ko 3 da gajeriyar katangar da ba ta rufe taga. Titunan kasuwanci kuma a shata musu layin gini bayan an ware wa lambatu da bututu da bishiyoyi wurinsu a cikin faɗin titin, a wajabta cewa mafi yawan gaban gini ya tsaya a kan layin, da baranda mai zurfin kimanin mita 3, a mayar da wurin ajiye motoci baya ta hanyar shiga guda da filaye da dama za su yi tarayya a kai. Ba sai an rushe abin da aka riga aka gina ba, domin ana iya ba masu tsofaffin gine-gine izinin ƙaro shaguna da baranda zuwa kan layin. Ina ba da shawarar a fara da titi ɗaya, a auna faɗin inuwarsa da ƙarfe biyu na rana, a ƙirga masu tafiya da shagunan da ke buɗe da haɗurran da aka samu kafin canjin da kuma shekara biyu bayansa, sannan a wallafa sakamakon don jama'a su gani kafin a faɗaɗa tsarin zuwa sauran tituna.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora a kan wannan amana.

Naka cikin girmamawa,
Wani mai sana'ar zanen gine-gine