Sanarwa kan odar atamfa da ta makara

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanku da warhaka.

Masu odar atamfar ankon biki, don Allah ku yi haƙuri, mun ce kaya za su iso Asabar, to motar da ta ɗauko su daga Kantin Kwari ta lalace bayan Zariya, sai jiya da daddare direba ya sauya mota. Yanzu dilolin na hannunmu, mun ƙirga turmi-turmi ba abin da ya ɓata.

Gobe Laraba za mu fara rabawa, kuɗin kai kaya mun ɗauke muku. Kowa ya turo sunansa da unguwa da hoton rasit ta akwatin sirri kafin la'asar, banda cikin guruf. Wadda bikinta ya wuce kuma ta fasa, ta turo lambar akawun, kuɗinta zai dawo cif.

Mun gode da haƙurinku, Allah ya bar zumunci.