Zuwa ga ƙanena da ya tambaya ko shi zai fara gaida yayansa

"Malam, wata 7 ke nan ba ma magana da yayana. Rance na ba shi, da na tuntuɓe shi sai ya zage ni a gaban iyalinsa. Zuciyata na so in gaishe shi, amma ina tsoron ya ɗauka na yafe bashin ko na amsa laifi, ina kuma tsoron ya share ni a gaban mutane. Ni aka ci wa mutunci, to ni ne kuma zan fara?"

Assalamu alaikum, ƙanena.

E, kai za ka fara. Amma abin da za ka fara ɗin ƙarami ne ƙwarai, bai kai girman da ka ɗauka ba, kuma ina ganin girman da ka ba shi ne ya sa ka kasa yinsa.

Abu uku ne suka haɗe maka a zuciya: bashin, zagin, da gabar. Kowanne da maganinsa. Bashi ana biyansa ko a yafe shi da baki, a fili. Zagi ana ba da haƙuri a kansa. Gaba kuwa gaisuwa ce ke karya ta, kuma iyakar aikin gaisuwa ke nan. Wanda ya ce wa ɗan'uwansa "ina kwana" bai sa hannu a wata takarda ba. Haƙƙinka yana nan yadda yake bayan ka yi sallama, sai dai yanzu akwai hanyar da wata rana za a bi a yi maganarsa. A halin da kuke ciki, ko da yayanka ya yi nadama, ta ina zai ɓullo maka?

A hadisin Abu Ayyub al-Ansari da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ce bai halatta mutum ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3 ba, su haɗu wannan ya kau da kai wancan ya kau da kai, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Ka lura ba a ce mai laifi ne zai fara ba. Da an rataya abin a wuyan mai laifi da babu wanda zai motsa, domin a kowace rigima kowa na ganin shi aka zalunta. Ina da yaƙinin yayanka ma yana da nasa labarin, wataƙila yana ganin ƙanensa ya tozarta shi a lokacin da hannunsa babu komai. Ban ce gaskiya gare shi ba. Cewa nake yi muddin kuna jiran a tantance mai laifi kafin a gaisa, jiran ba zai ƙare ba.

Bari in ba ka nawa, don na taɓa tsayawa inda kake tsaye. Wani abokin aikina da muka yi shekaru tare ya faɗi magana a kaina a wajen taro, maganar da ba haka take ba. Muka yi kusan wata 5 muna wuce juna. Ranar da na yanke shawarar gaishe shi, sai na yi kuskuren da yawancinmu ke yi. Na same shi cikin mutane, na miƙa masa hannu, na ce: "Sannu da aiki. Ni dai saboda Allah nake gaishe ka, duk da abin da ka yi min." Ya dube ni, ya ce ba ya buƙata. Na koma gida ina cewa na sauke nauyi, shi ne ya ƙi. Sai daga baya na gane cewa ba gaisuwa na kai masa ba, ƙara na shigar a gaban shaidu, na kuma yanke hukunci a cikin jimla ɗaya. Da ya amsa min a wurin, da ya amsa laifi ke nan a gaban kowa. Ban bar masa wata mafita ba sai ƙi.

Bayan mako 2 na sake gwadawa. Na bari sai da muka haɗu a bakin ƙofa, ba kowa kusa. Na yi masa sallama, na kira shi da sunan da na saba kiransa tun da, na tambayi jikin mahaifiyarsa don na ji ba ta da lafiya. Ya amsa ciki-ciki, "da sauƙi", idonsa na kan wayarsa. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na wuce. Duka abin bai kai minti ɗaya ba. Haka na riƙa yi duk sanda hanya ta haɗa mu. A karo na huɗu ne ya ɗaga kai ya ce, "Ya yara?" Maganar taron kuwa sai da aka ƙara wata guda kafin a taɓo ta, kuma shi ya ɗauko ta da kansa.

Daga wannan nake ba ka shawara. Kada ka zaɓi gidansa, inda abin ya faru, domin idon iyalinsa zai sa ya riƙe matsayinsa ko da zuciyarsa ta yi sanyi. Kada kuma ka zaɓi cikin taron dangi, inda kowa zai yi tsit yana kallon yadda za a ƙare. Ka nemi haɗuwar wucewa, kana tsaye yana tsaye, daga ku sai ku ko da mutum ɗaya wanda ba ya yaɗa zance. Wannan kaɗai ya rage abin da kake tsoro, don in ma ya share ka, ba a gaban jama'a ba ne. Ka ce masa "Yaya" in haka ka saba ce masa. Sauya sunan da kake kiran mutum da shi saƙo ne mai kaifi, kuma zai ji shi tun kafin ya ji sallamar. Ka tambayi lafiyarsa da ta iyali, ka saki fuska gwargwadon iyawarka, tunda shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Sannan ka tafi. Tafiyar nan tana cikin aikin. In ka tsaya kana jiran ya ƙara wani abu, zai ji kamar ka zo karɓar biya ne, a yanayinku kuwa zai iya zaton maganar kuɗin ce ke tafe.

In nisa ne tsakaninku, kira ya fi rubutaccen saƙo, domin murya na ɗauke da abin da rubutu ba ya iya ɗauka. In dole sai saƙon, to layi biyu ya isa. Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne tura masa hadisi ko wa'azi a kan gaba da yanke zumunci. Ko da niyyarka kyakkyawa ce, habaici zai karanta.

Amsar da za ka samu ba za ta wuce ɗaya cikin uku ba. Yana iya amsawa ya kuma mayar maka da tambaya, ya ce ya gida, ya aiki. Mayar da tambaya ita ce alamar da na fi amincewa da ita, ta fi murmushi, don murmushi ana iya yinsa saboda idon mutane. Yana iya amsawa a taƙaice, fuska a ɗaure. Mutane da yawa a nan suke karaya, su ce ai ga shi an gwada. Ni kuwa nasara nake ɗaukarta. Mutumin da ya yi watanni yana shirya abin da zai faɗa in kun yi karo, sai ga shi ka zo masa da abin da bai shirya wa ba, yana buƙatar lokaci kafin ya yarda babu tarko a ciki. Ka maimaita a haɗuwa ta gaba, ba tare da ka riƙa binsa ko ka ƙirƙiri haɗuwa kullum ba.

Yana kuma iya yin shiru. Ba zan ce maka hakan ba ya ciwo ba. Ka'ab bin Malik, a kwana 50 da aka ƙaurace masa bayan yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira, ya ba da labarin yadda yakan yi wa Annabi (SAW) sallama sannan ya tambayi kansa ko leɓensa ya motsa da amsa ko bai motsa ba. Dalilin tasa ƙauracewar daban ne da taku, umarni ne aka bayar. Na kawo shi ne don ka san cewa zafin sallamar da ba a amsa ba, manyan mutane ma sun ɗanɗana. Amma amsa gaisuwa wajibi ne a kan wanda aka gaisar, kamar yadda aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta umarta a amsa da wadda ta fi ta ko a mayar da irinta. In ya ƙi, nauyin ya koma kansa. Abin da ya rage maka shi ne kame baki. Kada ka je wa dangi da labarin cewa ka gaishe shi ya share ka. Da zarar labarin ya zaga ya dawo kunnensa, gaisuwarka ta zama makami, kuma ta gaba za ta fi wuyar amsawa. Ka bar 'yan makonni, ka sake.

Akwai iyaka, kuma gara in faɗe ta. Malamai sun yi saɓani a kan ko sallama kaɗai ta isa ta kawar da gaba. Imam Malik da Imam Shafi'i suna ganin tana yanke ta. An ruwaito daga Imam Ahmad cewa in barin maganar na cutar da ɗayan, sallama kaɗai ba ta wadatar ba. A tsakanin wa da ƙani, zuciyata ta fi karkata ga na biyun. Na san 'yan'uwa da suka shekara suna "sannu, sannu" a tsaye, ba ziyara, ba tambayar ciwo, kowa na cewa ai muna gaisawa. Wannan ma gaba ce, an dai lulluɓe ta. Haka kuma malamai sun yi rangwame ga wanda ke tsoron cutarwa a addininsa ko rayuwarsa in ya kusanci wani, kamar mai duka ko mai barazana. Wannan yana iya nesanta kansa ba laifi. Daga abin da ka rubuta, ban ga alamar yayanka na cikin wannan sahu ba.

Maganar kuɗin kuma, kada ka haɗa ta da gaisuwa ko sau ɗaya, ko da ka ga ya sake sosai a ranar farko. Ka bari sai gaisuwa ta koma abin da kuke yi ba tare da shiri ba, har ya fara riga ka wani lokacin. Daga nan ka nemi babba ɗaya a cikin dangi wanda ku duka kuke jin nauyinsa, a zauna ku uku, a faɗi adadin, a tsayar da lokaci ko a raba biyan kashi-kashi, a rubuta. A wannan zaman ne za ka gaya masa cewa zagin da ya yi maka a gaban iyalinsa ya fi kuɗin yi maka ciwo, domin ina jin haka ne, kuma ya kamata ya ji daga bakinka.

Ina yi maka addu'ar Allah ya sassauta zuciyarsa, ya ƙarfafa taka. In kun haɗu, ka rubuto min yadda ya amsa, ko da kalma ɗaya ce, mu duba ta tare.

Wassalam,
Yayanka a Musulunci