Ma'aikacin da ciwo ya kayar, kada ya rubuta takardar ajiye aiki da hannunsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin 'yan'uwanmu ma'aikatan gwamnati da ke nan Legas, na tarayya da na jiha, kan wani kuskure da yake jawo wa iyalai asara mai yawa. Idan ciwo mai tsanani ya kama mutum, kamar shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda ko taɓin hankali, abin da muka saba shi ne 'yan'uwa su haɗa kuɗin mota a Agege ko Idi-Araba a kai shi gida Arewa a yi jinya. Niyyar mai kyau ce. Amma sau da yawa ana tafiya ba a bar ko takarda ɗaya a ofis ba. Bayan wasu watanni albashi ya tsaya, sai wani ya ba da shawara a rubuta takardar ajiye aiki "don a samu a karɓi haƙƙinsa". Wannan takardar ita ce take rufe masa ƙofar da doka ta buɗe masa.

Dokar fansho ta 2014, a sashe na 16, ta hana ma'aikaci taɓa asusun fanshonsa kafin ya kai shekara 50. Sai ta yi togaciya ga wanda aka yi wa ritaya bisa shawarar ƙwararren likita ko kwamitin likitoci da aka kafa bisa ƙa'ida, suka tabbatar cewa jikinsa ko hankalinsa ba zai iya ɗaukar aikin ofishinsa ba. Irin wannan mutum, ko shekararsa 38, ana ɗaukarsa cikakken ɗan fansho: zai karɓi wani kaso a dunƙule, sauran kuma a riƙa biyansa wata-wata. Wanda kuwa ya bar aiki haka kawai bai kai 50 ba, iyakar abin da zai samu shi ne kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun, shi ma sai ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Sauran kuɗin zai zauna a kulle har ranar da ya cika 50. Ciwo ɗaya, mutum ɗaya, amma abin da aka rubuta a takardar barin aikin shi ne yake raba hanya.

Hanyar zuwa gaban kwamitin tana farawa ne daga hutun rashin lafiya. A ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya, bugun 2008, ma'aikacin da ba a kwantar da shi a asibiti ba yana da kwana 42 na hutun ciwo a cikin wata goma sha biyu. Idan ya wuce haka, ana tura shi gaban kwamitin likitoci. Wanda aka kwantar ana iya ba shi har wata uku a karon farko, idan bai tashi ba shugaban ma'aikatarsa ya shirya kwamitin ya duba shi. An sake fasalin ƙa'idojin a 2021, jihar Legas kuma tana da nata, don haka mai jinya ya nemi jami'in kula da ma'aikata ya nuna masa sashen da ake aiki da shi a wurinsu. Abin lura shi ne ma'aikata ce take neman a kafa kwamitin, ba majiyyaci ne yake tattaro likitocinsa ba. Shi nasa shi ne ya rubuta wa ofis, ta hannun shugabansa, ya haɗa da rahoton likitan da ke duba shi, ya karɓi kwafi mai hatimin shaidar an karɓa.

Rahoton nan shi ne ƙashin bayan maganar, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Takardar da ta ce "yana fama da hawan jini da ciwon suga" ba ta isa ba, domin dubban mutane suna zuwa aiki da waɗannan cututtuka. Tambayar da kwamitin zai amsa ba ita ce ko mutum yana da ciwo ba. Tambayar ita ce ko zai iya aikin da aka ɗauke shi ya yi. Saboda haka rahoton ya fito daga babban likitan fannin, a asibitin gwamnati irin asibitin koyarwa na Idi-Araba ko na Ikeja, ko asibitin ƙashi na Igbobi, ko na masu taɓin hankali da ke Yaba. Ya faɗi ranar da ciwon ya fara, maganin da aka gwada, abin da ya gagara dawowa, da dalilin da ya sa direba ko malamin aji ko ma'aikacin tashar jirgin ruwa ba zai iya komawa bakin aikinsa ba. A riƙe sakamakon gwaje-gwaje da hotunan asibiti da katin zuwa ganin likita, a jera su bisa kwanan wata. Watannin da aka yi ana maganin gida ba su da takarda, kuma a idon ofis watanni ne na ƙin zuwa aiki. Wanda dole sai an kai shi gida, a yi masa rajista a asibitin gwamnati na can, a riƙa aiko da takardar hutu kafin ta baya ta ƙare.

Ba kullum kwamitin yake cewa a yi ritaya ba. Yana iya ƙara hutun jinya, yana iya cewa a sauya wa mutum aiki mai sauƙi, yana iya cewa ya koma aiki. A ganina, duk wanda ya ga alamar zai iya aikin zaune, ya nemi sauyin aiki kafin ya nemi ritaya, kuma lissafin kuɗi ne ya sa na faɗi haka.

A tsarin fansho na yanzu ba wani kaso ake yankewa a matsayin horo don mutum ya fita da wuri ba. Kuɗin ne da kansa yake ƙaranci, ta fuska biyu. Mu ɗauki misali. Ma'aikaci ya shiga aiki a 2008 yana da shekara 27, ciwo ya kayar da shi a 2025 yana da 44. A ce albashin da ake lissafa fansho a kansa naira 150,000 ne a wata. Doka ta ce a cire kashi 8 daga albashinsa, gwamnati ta ƙara kashi 10, jimla kashi 18, wato naira 27,000 kowane wata, naira 324,000 a shekara. Saura masa shekara 16 ya kai 60. Zubin waɗannan shekarun kaɗai ya kai naira 5,184,000, ba a sa ƙarin girma ko ribar da kuɗin zai haifa ba. Wannan duk ya tafi, kuma shekarun ƙarshen aiki su ne masu albashi mai tsoka.

Fuska ta biyu ita ce tsawon lokacin da za a raba kuɗin a kai. A ce akwai naira miliyan 6 a asusunsa, ya karɓi rubu'i a dunƙule, saura miliyan huɗu da rabi. Kamfanin fansho yana lissafi da shekarun mutum da jinsinsa da abin da ke asusun, kuma mai shekara 44 ana sa ran zai daɗe yana karɓa. Idan aka yi rabon kai-tsaye a kan shekara 30, wato wata 360, naira 12,500 ke nan a wata. Da ya kai 60 da miliyan 11 da ɗoriya, ya cire rubu'i, aka raba sauran a kan shekara 18, da ya tashi da kusan naira 39,000. Wannan lissafin kan yatsu ne, ribar jari za ta ɗaga duka biyun, kuma ainihin adadin kamfanin ne zai fitar da shi bisa tsarin hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom. Amma tazarar da ke tsakaninsu gaskiya ce. Ga mutumin da yake sayen magani kowane wata, yana biyan kuɗin haya a Legas, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shi ya sa nake tsoron yawan ɗokin kuɗin dunƙule. Duk nairar da aka ƙara a can, daga na wata-wata aka ɗebo ta. Haka kuma a yi nazari kafin a zaɓi hanyar biya. Idan kuɗin ya zauna a kamfanin fansho ana biya wata-wata, abin da ya rage bayan rasuwa na magada ne. Idan aka sayi fansho na har abada daga kamfanin inshora, ana biya muddin rai, amma lamunin da magada suke da shi na shekara goma ne daga fara biya. Mai ciwon da likita ya riga ya yi wa iyalinsa bayani, yana da ƙananan yara, ya kamata a zauna da shi a kan wannan magana, duk da nauyinta a baki.

Idan ciwon a bakin aiki aka same shi, ko aikin ne ya jawo shi, akwai wata ƙofa daban da mutane suke mantawa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take gudanarwa, ta tanadi biyan kashi 90 cikin ɗari na albashi ga wanda ya nakasa gaba ɗaya nakasa ta dindindin. Amma tana da wa'adi: a sanar da ma'aikata cikin kwana 14, a shigar da buƙata cikin shekara ɗaya. Inshorar rai da ake yi wa ma'aikata, mai ninkin albashin shekara sau uku, ita ta mutuwa ce a cikin aiki, kada a sa rai da ita a nan.

Bayan kwamiti ya yanke hukunci, a karanta takardar ritayar da kyau kafin a bar ofis. Dole ta ambaci cewa bisa dalilin rashin lafiya ne, kuma kwanan watan ya dace da na rahoton. Da ita za a je kamfanin fansho, tare da rahoton, da takardun albashin wata uku na ƙarshe, da shaidar haihuwa, da hoto, da bayanan banki. A tabbatar suna da ranar haihuwa sun yi daidai da na katin ɗan ƙasa, domin Muhammadu a wuri ɗaya da Mamman a wani wurin yana iya tsayar da fayil wata da watanni. Wanda ya fara aikin tarayya kafin Yulin 2004, ko aikin jihar Legas kafin Afrilun 2007, yana da haƙƙin tsohon tsari da gwamnati za ta zuba masa a asusu, kuma wannan yana buƙatar tantancewa a PenCom ko a hukumar fansho ta jihar Legas, LASPEC. Masu ritaya ta shekaru ana tantance su tun kafin lokacinsu. Mai ritayar ciwo ba ya cikin jerin kowa, sai iyalinsa sun bi da ƙafa.

Dokar fansho ta kuma ba shi damar neman a sake duba lafiyarsa sau ɗaya a kowace shekara biyu. Idan Allah ya ba shi sauƙi aka tabbatar, ya sami wani aiki, zai koma cikin tsarin ya ci gaba da zubi.

Roƙona ga hukumomi shi ne a sa wa'adi tsakanin ranar da aka tura mutum gaban kwamiti da ranar da za a zauna, kuma albashinsa ya ci gaba har a yanke hukunci. Sashe na 84 na dokar 2014 ya tanadi mafi ƙarancin fansho da ba za a biya ƙasa da shi ba, kuma waɗanda ciwo ya fitar da wuri su ya kamata a sa a gaba wajen cin gajiyarsa. Ku kuma, Edita, ina roƙon ku gayyato jami'in fansho da likita su amsa tambayoyin masu karatu da Hausa, sarakunan Hausawa na unguwanninmu da limamai su taimaka wajen isar da saƙon ga masu jinya.

Wassalam.

Mai karatu daga Agege, Legas