Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin jirgin ƙasa: tikiti ya ce tarago na 9, to a ina zan tsaya?

Zuwa ga Manajan Sashen Kula da Fasinjoji,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ƙorafina a kan abu ɗaya ne. Kuna sayar mana da tikiti mai lambar tarago da lambar kujera, amma a kan dandamalin tasha babu wata alama da ke nuna inda kowane tarago zai tsaya. Na zaɓi in rubuta a fili ne don damuwar ba tawa ce ni kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa hawa jirginku a tashar tsakiyar hanya, inda ba ya daɗewa a tsaye, ya san guje-gujen da nake nufi.

Bari mu yi lissafin tare. Taragon fasinja na zamani yakan kai mita 25 ko ya ɗan ɗara. Jirgi mai tarago 12 ya kai mita 300 ke nan, ban da kan jirgin da ke jan su. Wanda ke tsaye a bakin ƙofar shiga dandamali ba ya iya karanta lambar da ke jikin tarago na uku daga gare shi, balle na goma. Abin da ya rage masa shi ne ya yi hasashe, kuma kusan kowa hasashe ɗaya yake yi: tarago na 1 shi ne ke bin kan jirgi, na 2 ya biyo shi, haka har wutsiya. A tafiya ɗaya hasashen yana yin daidai. A dawowa kuwa ya rushe, domin idan jirgi ya kai tashar ƙarshe ba a juya taragun. Kan jirgin ake kwancewa, ya zagaya ta layin gefe, a ɗaura shi a ɗaya ƙarshen. Taragon da ya je a gaba shi ke dawowa a baya. Ma'aikatanku sun san wannan tun ranar da suka kama aiki, fasinja kuwa sai ya sha wuya yake ganewa.

Ga yadda abin ya faru da mahaifiyata, wadda ke fama da ciwon gwiwa. Tikitinta tarago na 9, kujera ta 62, jirgin kuma arewa ya nufa. Ƙanena da ya raka ta ya tambayi ma'aikacin da ke bakin ƙofa inda za su tsaya, aka ce masa: "Ku dai tsaya can, in ya zo za ku gani." Sai ya yi abin da kowa zai yi, ya ƙirga tarago tara daga inda ya ga kan jirgi yana tsayawa, ya zaunar da Inna a kan jakarta a wurin. Da jirgin ya shigo, na 12 ne ke bin kai. Ƙirga da kanka, ranka ya daɗe: 12, 11, 10, 9, 8, 7, 6, 5, 4. Na tara a jere shi ne tarago na 4, kuma a gabansa suka tsinci kansu. Tsakanin na 4 da na 9 tarago biyar ne, wato mita 125. Tsohuwar da ke dogara sanda, wadda da kyar take cin mita ɗaya a daƙiƙa biyu, tana buƙatar fiye da minti huɗu kafin ta kai, kuma a cikin mutanen da su ma suke gudu, rabinsu suna yin gaba, rabinsu suna yin baya. Jirgin ba ya jira haka a wannan tashar. Da aka busa usur sai mai duba tikiti ya ce su shiga ta ko'ina, sa ƙarasa ta ciki.

Wannan "ƙarasa ta ciki" ita ce ta fi ɓata mini rai, don ku a wurinku magani ce. Hanyar da ke tsakanin kujeru ta mutum ɗaya ce. A daidai lokacin kowa yana tsaye yana cusa kaya a kantar sama, wani da buhu, wata da goyo. Tsakanin tarago da tarago akwai ƙofofi masu nauyi da faranti na ƙarfe da ke rawa a ƙarƙashin ƙafa da zarar jirgi ya motsa. Ta nan Inna ta ratsa tarago biyar jirgi yana tafiya, hannu ɗaya a kafaɗar ƙanena, ɗaya yana laluben kan kujeru. Ta isa tana haki, ta kuma tarar da wani bawan Allah zaune a kujerarta.

Mutumin nan bai yi ƙarya ba, tikitinsa 62 ya ce. Sai dai nasa na tarago na 8 ne. Kowane tarago yana da tasa kujera ta 62, kuma a cikin taragon babu inda aka rubuta ko na nawa ne. A waje ma lambar a takarda take, an manna ta da salatif a gilashin ƙofa, rana ta cinye tawadar. Lambar da ta fito ɓaro-ɓaro da fenti a jikin ƙarfen kuwa doguwa ce, ta rajistar taragon a wurin gyara, ba ta da alaƙa da tikitin kowa. Na sha ganin mutane suna ɗaga tikiti suna gwada shi da ita. Yawancin rigimar kujera da na gani, da an dubi tikitin biyu sai a tarar ɗaya ya ɓata tarago ne kawai, amma kafin a kai ga dubawa an riga an faɗa wa juna baƙar magana.

Lambar kujerar ita ma tana da nata. In kujeru huɗu ne a layi, biyu dama biyu hagu, to 61 zuwa 64 suna layi na 16. A tarago mai layi 20 wannan can kusa da ƙarshe ne. Wanda ya shiga ta ƙofar da ke wajen kujera ta 1 sai ya ratsa layi 15 da kayansa, alhali da ta ɗaya ƙofar ya shiga, layi huɗu kawai zai wuce. In kuwa biyar ne a layi, 62 ta koma layi na 13. Fasinja ba shi da hanyar sanin wanne ne kafin ya shiga, kuma ba a rubuta a ƙofa daga wace lamba ake farawa ba. Ko ya isa layin, ɗan farantin da ke sama ya ce 61 da 62 kawai, bai nuna wacce ce ta taga ba.

Kada a ce mini sai an kawo allunan lantarki daga waje. Akwai abin da ya sa gyaran ke da sauƙi: tunda ba a juya taragun, kowane tarago yana riƙe da ɓangarensa na dandamali. Idan na 1 yana ƙarshen kudu yau, yana nan a ƙarshen kudu gobe, ko arewa jirgin ya nufa ko kudu. Kan jirgin ne kaɗai ke sauya wuri. A kan wannan ƙa'idar Japan ta tsara layinta na Tokaido Shinkansen, wanda aka buɗe a 1964. Jiragensa na yanzu tarago 16 ne, tsawonsu wajen mita 400, kuma na 1 kullum yana ɓangaren Osaka, na 16 yana ɓangaren Tokyo. Lambar kowane tarago tana rubuce a dandamali daidai inda ƙofarsa ke tsayawa, mutane su yi layi tun jirgi bai iso ba. A Jamus, inda jirage iri-iri ke tsayawa a dandamali ɗaya, sun raba shi kashi-kashi da manyan haruffa, A, B, C har gaba, sannan allo ya nuna wane tarago zai faɗo a ƙarƙashin wane harafi. Ranar da jerin ya sauya, sai a sanar. Ku da jirginku kusan iri ɗaya ne kullum, hanyar farko ta ishe ku, kuma kayan aikinta fenti ne da buroshi da igiyar awo.

Sharaɗinta ɗaya, direba ya riƙa tsayawa a wuri guda. A kafa masa alama a gefen dogo, ɗaya ta mai zuwa arewa, ɗaya ta mai zuwa kudu, a auna su yadda taragun za su faɗo a kan lambobinsu ta kowace fuska. In yau ya zarce da tsawon tarago biyu, gobe ya gaza da ɗaya, fentin ya zama abin ɓatar da mutane.

Na san akwai ranakun da jerin ke canzawa. A cire tarago ɗaya a kai shi gyara, sai ka ga daga 6 an tsallaka zuwa 8, ko a ƙara biyu lokacin sallah. To ai tashar da jirgin ya taso ta san jerinsa tun kafin ya motsa, kuma tsakaninta da tashoshin gaba waya ce kawai. Ma'aikaci ya rubuta jerin na ranar a farin allo a bakin ƙofa, a kuma faɗa ta lasifika kafin jirgi ya shigo, da Hausa da sauran harsunan masu hawa, a maimaita. Lasifikar nan tana aiki sarai idan za a gargaɗe mu kan talla a dandamali, don haka ba lalacewa ta yi ba. Wanda kuma aka cire taragonsa, a gaya masa sabon wurinsa tun yana ƙasa, kada a bar shi ya shiga yana neman na 7 da babu shi.

Abin da nake nema ke nan, ranka ya daɗe. A rubuta lambar tarago a ƙasan dandamali da kuma jikin ginshiƙan rumfa, don idan mutane sun cika ba a ganin ƙasa. A sa lamba babba wadda ba ta gogewa a gefen kowace ƙofa, ciki da waje, tare da lambobin kujerun da suka fi kusa da ita, misali 1 zuwa 40 a wannan ƙofa, 41 zuwa 80 a waccan. A zana 'yar alamar taga a gefen lambar kujerar da ke jikin taga. Tsofaffi da masu juna biyu da masu keken guragu kuma a bar su su shiga dandamali da wuri, ma'aikaci ya kai su gaban taragonsu.

Kafin ku yi, ga masu karatu abin da nake yi yanzu. Ina tambayar mai duba tikiti ko ɗan dako wane ƙarshen dandamali tarago na 1 yake tsayawa, ban damu da inda kan jirgi yake ba, sai in ƙirga taku talatin da 'yan kai ga kowane tarago daga can. In ban samu mai gaya mini ba, ina tsayawa a tsakiya, inda ko ta ina aka juya tafiyar ba za ta wuce rabin jirgi ba, in kuma karanta lambobi biyu na farko da suka wuce ni don in san ko hawa suke yi ko sauka.

Ina sauraron amsarku a fili kamar yadda na rubuto a fili, tare da ranar da za a fara aikin da tashar da za a fara da ita.

Wassalam,
Wani fasinjanku